Asabar Ɗin da Ba a Ɗaura Auren Ƙanwata Ba

Shekarun baya, ana saura kwana huɗu ɗaurin auren ƙanwata, mahaifinmu ya faɗi a bakin karofi, wurin rini, a Ƙofar Mata. Ranar Talata ce da hantsi. Ya je karɓo babbar rigar da zai sa ranar auren, wadda ya ce shi da kansa zai rina, duk da ya daɗe da barin tsoma hannu a ruwan baba ya koma ciniki kawai. Abokan sana'arsa suka ce yana tsaye yana duba rigar, sai bakinsa ya karkace, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Kafin azahar muna asibiti, likita ya ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin jiki, sai a yi ta addu'a.

Sai na faɗa muku abu biyu kafin ku gane halin da muka shiga. Na farko, mahaifinmu mutum ne mai ɓoye ciwo. Ko ciwon kai yake yi, in ka ce masa sannu sai ya harare ka. Na biyu kuma ya fi nauyi. Shekara biyu kafin nan an taɓa sa wa ƙanwata rana da wani, har an fara ɗinki, maganar ta lalace aka mayar da kaya. Ba laifinta ba ne, amma a lungunmu na Sheshe ba a tambayar laifin wa. Ta yi wata da watanni ba ta son zuwa ko gidan suna, saboda irin kallon da ake bin ta da shi. Da wannan sabon aure ya taso, duk gidan muka ji kamar an sauke mana kaya.

Katin gayyata ɗari uku ya riga ya fita. An raba goro da alewa, mata sun ɗinka anko, an kai lefe, gwaggonninmu sun je sun yi jere a gidan da amarya za ta tare. Watan Sha'aban ne kuma, lokacin da kowa ke gaggawar ɗaura aure kafin azumi.

Ranar Laraba da safe manya suka zauna a zaurenmu: baffana, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne waliyyin amarya, da mahaifin ango, wani dattijo ɗan asalin Barno da iyayensa suka daɗe da zama a Ƙofar Ruwa. Baffana ya kawo shawarar da aka saba, a ɗaura aure ranar Asabar shiru, a bar biki sai an ga hali. Dattijon ya girgiza kai.

“Alhaji, ba zan zauna ina cin goron aure abokina yana kwance bai san inda kansa yake ba. A ɗage duka. Yarinya tamu ce, ba inda za ta.”

Aka yi fatiha a kan haka, baffana ya juyo ya ce da ni, “Kai ne ɗan boko. Ka sanar da jama'a.”

To, nan ɗan boko ya nuna bokonsa. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauko hoton katin a waya, na rubuta “AN ƊAGE” da jan rubutu a tsakiya, a ƙasa na sa cewa saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu an ɗage auren sai abin da hali ya yi. Ban ambaci ciwon ba, don na san halin mai ciwon. Ban sa sunan kowa a ƙasa ba. Na ɗora a status, na tura duk wani guruf da nake ciki, har da na ƴan ajinmu na sakandare. Na koma na jingina da bango ina jin na gama aikin kwana uku cikin minti biyar. Har yaba wa kaina na yi a kan “dalilan da suka fi ƙarfinmu”, na ce wannan Hausa ta zauna.

Ba a yi awa ɗaya ba waya ta fara ruri. Duk wanda ya kira zai fara da doguwar gaisuwa, sannan ya sassauta murya ya ce, “To, Allah ya sa haka shi ya fi alheri.” Ina amsa amin, ban ma gane ba. Sai da wata ƴar'uwarmu ta ce min, “Allah ya ba ta wanda ya fi shi,” sannan na gane sun ɗauka an fasa auren ne.

Na shiga cikin gida na tarar da ƙanwata zaune a bakin gado da waya a cinya. Ba kuka take yi ba, kuma da kukan ta yi da ya fi min sauƙi.

“Yaya, me ka rubuta?”

“An ɗage na ce. Ai gaskiya ce.”

“Wancan karon ma haka aka fara rubutawa. Saboda wasu dalilai.” Ta miƙo min wayar. Ƙawayenta uku sun turo mata haƙuri, ɗaya har da tambayar ko za ta iya sa ankon ta je wani bikin. “Ga Baba a kwance, ga wannan. Yaya, in aka ce an sake fasa aurena, ba zan ƙara iya ɗaga kai a unguwar nan ba.”

Ban taɓa jin kunyar ƙanwata ba sai ranar. Na fita na goge abin daga status, kamar gogewar za ta shiga wayoyin mutane ta goge.

Bayan azahar sai ga mahaifin ango ya dawo, shi da babban ɗansa, wan ango, wani dogo marar magana da ba mu taɓa haɗa kalma goma da shi ba. Ashe sanarwata ta isa Ƙofar Ruwa, har wani ya tare dattijon a masallaci yana masa jaje. Bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi in karanta masa abin da na rubuta, na karanta.

“Wa yake magana a takardar nan?” ya tambaye ni.

Na ce mu.

“Ku su wa? A katin gayyata gida biyu suka gayyaci mutane. A nan ban ji sunan gida ko ɗaya ba. Babu dalili, babu rana. Yaro, ni ma da aka turo min wannan cewa zan yi an fasa.”

Na ce masa matsalar ita ce Baba ba ya son a san ciwonsa. Ya ce to ba mu za mu yanke masa ba, a je a tambaye shi.

Da la'asar muka je asibiti ni da mahaifiyata. Baba ya farfaɗo, yana gane mutane, amma harshe ya yi nauyi. Mahaifiyata ta sunkuya ta yi masa bayani a hankali, ba ta ɓoye masa komai ba, har abin da mutane suka fara faɗa. Na ga idonsa ya kaɗa. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin maganar ta fito.

“Ku sa… sunana. Ba nata ba.”

Mahaifiyata ta ce, “Alhaji, kowa fa zai ji kana kwance.”

Ya ɗaga hannun da ke motsi ya buga katifa. “A ji.”

Kafin magariba muka zauna a zaure muka rubuta sabuwar sanarwa, dattijon yana faɗa ina bugawa. Ta fara da sunan gidajen biyu, daidai yadda suke a katin farko. Sannan ta ce suna sanar da ƴan'uwa da abokan arziki cewa an ɗage ɗaurin auren ƴaƴansu da aka shirya ranar Asabar, da kamu da walima da yini da kai amarya, sakamakon rashin lafiyar mahaifin amarya. Dattijon ya ce a jera bukukuwan ɗaya bayan ɗaya, don kada wata ta ce ita ta zaci ɗaurin aure kaɗai aka ɗage ta taho yini. Sunan ciwon da na asibitin ya ce a bar su, kada jama'a su cika wa marar lafiya ɗaki. Da muka zo kan rana na ce a sa za a sanar nan gaba. Ya ce a'a. Aka aika aka kira baffana, suka lissafa: azumi zai shigo, ba a biki a cikinsa, sai suka tsayar da Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah, in Allah ya kai mu. Aka rufe da ban haƙuri da roƙon addu'a, da lambar waya biyu, tawa da ta wan ango.

Na ce to bari in tura. Dattijon ya riƙe min hannu.

“Waya ta samari ce, ka tura musu. Amma duk wanda aka kai wa goro da ƙafa, da ƙafa za a koma masa. Kuma ba kai kaɗai ba.” Ya nuna ɗansa. “Tare za ku. Wanda ya ga wan amarya da wan ango a ƙofar gidansa ba sai an rantse masa ba.”

Aka raba aiki. Na nesa aka fara kira, tun a yammacin nan, musamman dangin ango na Maiduguri da za su hau mota ranar Alhamis da asuba. Dattijon da bakinsa ya kira su, rabi da Hausa rabi da Barebarci. Mahaifiyata da mahaifiyar ango suka ɗauki ɓangaren mata, kowace ta kira waɗanda ta ba alewa su raba, ta ce su bi gidajen da suka kai. Wani ƙanin mahaifiyata ya tafi wajen masu rumfa da kujeru, da masu girki, da mai lalle, da masu wurin walima, ya gaya musu sabuwar rana. Baffana ya sami liman ya roƙe shi ya sanar bayan sallah, ya kuma gaya wa sanƙiran unguwa. Aka kai takardar gidan rediyo don a karanta safe da yamma saboda mutanen karkara. Mu kuma aka bar mu da manya.

Matsalar ita ce jerin manyan yana cikin kan Baba. Sai da muka zaunar da baffana da wani tsohon abokin Baba na karofi suna tunowa ina rubutawa, wannan ya ce an kai wa wane, wancan ya ce a'a wane ya rasu bara, ɗansa aka kai wa. Muka tashi da gida arba'in da ɗoriya.

Ranar Alhamis tun bakwai na safe muka fara. Wanda ya san cikin birni ya san mota ba ta da amfani a nan, wani lungun ko babur sai ka sauka ka tura. Ni da na saba zama a ofis, kafin sha ɗaya takalmina ya ci min dunduniya. Wan ango kuwa yana gaba da hularsa zanna, ko gumi babu. Kowane gida tsari ɗaya ne. Mu yi sallama, mu durƙusa, ni in faɗi ciwon Baba tunda ni ne ɗansa, shi kuma ya faɗi sabuwar rana tunda su ne masu nema. Ya kan ƙara da cewa, “Mahaifina ya ce a gaya muku muna nan a kan bakanmu.” Sai ka ga fuskar dattijo ta saki. Wani malami a Sheshe ya ce mana gaskiya shi har ya fara tunanin yadda zai je ya ba mahaifiyata haƙuri, ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'ar da ta sa ni hawaye.

Gidan da na fi tsoro shi ne na wata Hajiya a bayan layinmu, ƙawar kakarmu. Ba muguwa ba ce, amma duk labarin da ya shiga ɗakinta da safe, kafin azahar ya zaga unguwa uku. Na ce da wan ango mu tsallake ta, ai mata za su gaya mata. Karon farko ke nan da na ji ya yi doguwar magana.

“Ita ce ma ta fi kowa. In ta yarda, mun huta da gida ashirin.”

Muka same ta a kan darduma da carbi, ga mata biyu zaune da alama zancen ake. Ta dube ni, ta dubi dogon, ta ce, “Wannan fa?”

Na ce, “Hajiya, wan ango ne.”

Ta gyara zama. Na faɗi nawa, ya faɗi nasa. Ba ta ce Allah ya sawwaƙe ba tukuna, sai ta fara bincike.

“Lefen yana ina?”

Na ce yana ɗakin Umma, ko akwati ɗaya bai motsa ba.

“Jeren fa? An kwashe?”

Wan ango ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli. “Hajiya, ga makullin gidan. Mahaifiyata ta ce in kai wa mahaifiyar amarya ta riƙe, don ɗakin ƴarta ne. Daga nan can za mu.”

Ni kaina ban san da maganar makullin ba. Hajiya ta karɓa ta jujjuya shi, ta mayar masa, sannan ta juya kan matan nan biyu kamar ba da ita aka yi zancen ba.

“Kun ji ko? Ni dama na ce ƙarya ne! Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ku kuna nan kuna yanka wa yarinya magana.” Ta juyo kaina. “Kai kuma wane shashashan ne ya rubuta waccan takardar ta jiya?”

Na ce, “Hajiya, wani yaro ne.”

“To ka gaya masa ba shi da hankali.”

Na ce zan gaya masa. Muna fita lungu wan ango ya dafa bango ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Daga ranar ya zama abokina, kuma har yau in ya so tsokanata sai ya tambaye ni lafiyar yaron nan.

Muka gama gida na ƙarshe ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Amma dattijon ya ce saura aiki ɗaya. Ranar Asabar, a daidai lokacin da ke jikin kati, dole a sami ɗan gidan amarya da ɗan gidan ango zaune a inda aka ce za a ɗaura, saboda wanda sanarwa ba ta riska ba. Kada baƙo ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, ya tambayi ƴan unguwa su ba shi nasu labarin.

Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida tun ƙarfe goma, da ruwa da ɗan goro. A nan za a san ko aikinmu ya ci. Sha ɗaya ta yi, lokacin da ke kati. Mutane suna wucewa, suna tsayawa, amma kowa da kayansa na yau da kullum, kuma tambaya ɗaya ce a bakinsu: “Ya jikin Alhaji?” Wasu suka ƙara da “Allah ya kai mu bayan Sallah.” Cikin mutum ɗari uku da aka ba kati, mutum ɗaya tak ya zo da babbar riga, wani tsoho mai kawo wa Baba ganyen baba daga ƙauye, wanda ba shi da waya kuma rediyonsa ta lalace. Muka zaunar da shi, muka yi masa bayani mu biyu, ya ci abinci, ya ce ba zai koma ba sai an kai shi ya ga abokinsa.

Da aka kira azahar na naɗe tabarma na shiga gida. Ƙanwata tana tsaye a bayan ƙofar zaure, ashe tun safe tana nan tana saurare.

“Yaya, ba wanda ya ce an fasa?”

“Ko mutum ɗaya.”

Sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun Laraba.

Baba ya yi mako uku a asibiti, ya ƙarasa azumi a gida ana gasa masa ƙafa ana koya masa taku. Mutumin da ba ya son a ce masa sannu, sai ga zaurensa ba ya rabuwa da ƴan dubiya, ya haƙura ya karɓa. Bayan Sallah ba mu sake buga kati ba, tunatarwa kawai muka aika, don ranar tana bakin kowa.

Asabar ta biyu bayan Sallah lungunmu bai ɗauki jama'a ba, sai da sahu ya kai bakin titi. Dangin Maiduguri suka zo mota biyu. Abokan Baba na karofi suka kawo rigar nan, an buga ta tana ƙyalli, muka sa masa. Ni da abokina wan ango muka riƙo shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana jan ƙafa da sanda har kan darduma kusa da mahaifin ango. Wakilin ango ya nema, baffana ya bayar, aka ambaci sadaki, liman ya shafa fatiha. Sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya yana shaida wa jama'a an ɗaura.

Baba ya jawo hannun rigata. Na sunkuya.

“Ta ji?”

Ban kai ga amsawa ba guɗa ta tashi daga cikin gida, kuma na rantse muryar da ta fi kowace tsayi ta Hajiyar nan ce. Baba ya saki rigata ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi.

Yanzu ƙanwata tana da ƴaƴa uku. Baba yana nan da sandarsa, kuma ya zama mai ba da labarin ciwonsa ga duk wanda ya zauna kusa da shi, har sai mun ce ya isa. Ni kuma duk lokacin da wani ya turo min katin aure da jan rubutu a tsakiya da “wasu dalilai” a ƙasa, ba na iya yin shiru. Sai na kira shi in ce ya sa sunan gida biyu, ya faɗi dalili gwargwadon abin da masu shi suka yarda, ya sa rana, sannan ya nemi takalmi mai daɗin tafiya. Wasu su gode, wasu su ce na cika shisshigi.

Sanarwar farko tana nan a wayata, na ajiye ta don in riƙa tuna wautata. Ta biyun kuwa ƙanwata ce ta sa aka buga mata a takarda, tana cikin akwatin lefenta har yau. Na taɓa tambayarta me za ta yi da takardar ɗage aure, mutane katin aure suke ajiyewa. Ta ce min katin kowa yana da irinsa, amma wannan ita kaɗai ce takardar da Baba ya sa sunansa a gaba don kada a taɓa nata.